Wayata ta ce wuri ya cika: manhajar banki ta ƙi sabuntuwa, hoto ya ƙi ajiyuwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin waya ku taimaka min. Tun shekaranjiya wayata take nuna min "Storage space running out" a sama. Manhajar bankina ta ce sai na sabunta ta kafin ta buɗe, na shiga Play Store ya ce babu wuri. Yau da safe na zo ɗaukar hoton atamfofin da aka kawo min, kyamara ta ƙi ajiyewa. Wayar mai giga 32 ce, kuma da ita nake duk kasuwancina. Na goge hotuna da yawa jiya da dare amma saƙon bai tafi ba. Me zan yi da ba zai sa in rasa hirarrakin kwastomomina ba?

Abba Kurna: Wa alaikumus salam. Hajiya ki sauke irin manhajojin nan masu share waya, taɓawa ɗaya za su kwashe miki dattin. Ko kuma ki yi mata filashin kawai ta dawo sabuwa.

Malam Sabo mai gyara: Wa alaikumus salam. Abba, a'a, kada ta yi ko ɗaya. Filashin zai tafi da komai, har hirarrakin da take tsoron rasawa. Manhajar share waya kuma ita kanta wuri take nema, ga shi babu wurin da za ta sauka, yawancinsu kuma talla ce cike da su. Duk abin da za su yi, wayar tana iya yi da kanta.

Hajiya, kada ki ƙara goge komai tukuna. A fara ganin abin da ya cinye wurin. Shiga Settings, ki nemi Storage. Za ki ga an raba shi: Apps, Images, Videos, Audio, System da sauransu. Rubuto mana lambobin da kika gani. Sannan ki faɗa min, hotunan da kika goge jiya, daga ina kika goge su?

Maman Ilham: Malam na duba. Ya ce an yi amfani da 31.6 GB cikin 32 GB. System ya ci 9, Apps 8 da ɗan kai, Videos kusan 9, Images 3, Audio 1 da rabi, sai 'yan ƙanana. Hotunan daga Google Photos na goge su, don nan nake kallon hotuna.

Malam Sabo mai gyara: To ga dalilin da saƙon bai tafi ba. Abin da kika goge bai bar wayar ba. Google Photos yana kai shi wani kwando ne da ake kira Trash, a wasu wayoyin Bin. Hoton da bai hau kan asusun Google ba yana kwana 30 a cikin kwandon, kuma duk tsawon kwanakin nan yana riƙe da wurinsa a waya. An yi haka ne don wanda ya goge bisa kuskure ya iya dawo da abinsa. Buɗe Google Photos ki nemi Trash, ki duba abin da ke ciki da kyau. In akwai wanda kike so ki danna Restore, sauran ki zubar gaba ɗaya. Daga nan ba dawowa, shi ya sa na ce ki duba tukuna.

Amma ki lura da lambobinki. Duk hotunan wayar giga 3 ne kacal. Ko duka kika goge, ba su ne matsalar ba. Bidiyo ne ya danne ki, kuma ina kyautata zaton yawancinsa na WhatsApp ne.

Ummi Zariya: Ni abin da ban gane ba shi ne, ta ce akwai sauran kusan mega 400, manhajar banki kuwa ba ta wuce mega 60 ko 80 ba. Me ya hana ta shiga? Ni ma yana min haka, sai in ga kamar Play Store ne yake da matsala.

Malam Sabo mai gyara: Tambaya mai kyau, Ummi. Lambar da Play Store yake nuna miki girman abin da za a sauko da shi ne a dunƙule. In ya sauko sai an warware shi, an shirya shi yadda wayar za ta iya tafiyar da shi, kuma tsohuwar manhajar tana nan zaune har sai sabuwar ta gama kafuwa. Na ɗan lokaci ke nan ana riƙe da tsohuwa da sabuwa da abin da aka sauko. Bayan wannan, Android yana ware wani ɗan wuri da ba ya yarda a taɓa, a wayoyi da yawa wajen mega 500, don saƙonni su iya shigowa kuma wayar ta ci gaba da aiki. Da zarar abin da ya rage ya faɗo ƙasa da wannan, sai gargaɗin ya fito, Play Store ya ja birki. Mega 400 ɗin Hajiya a idon wayar daidai yake da babu. Shi ya sa nake ce wa mutane kada su tsaya a kan samo wurin manhaja ɗaya, su nemi giga 2 ko 3 a sake.

Baba Alhaji Idi: Yaro, ni tawa an ce min giga 4 ce, amma ina da hotunan jikoki sun fi dubu kuma ba ta taɓa cewa ta cika ba. Sai dai nauyi, in na taɓa sai ta daɗe. Ko ita ma cikar ce?

Nura Injiniya: Baba, giga 4 ɗin da aka faɗa maka na RAM ne, wato wurin da waya take aiki a kai a lokacin da kake taɓa ta. Wurin ajiya daban ne, mai yiwuwa taka 64 ce ko 128. Nauyin da kake gani wata matsala ce dabam, in ka ba da dama za mu duba ta bayan an gama da ta Hajiya.

Amma tambayar Baba ta tuna min wani abu. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa suna da MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Abin da suke yi shi ne su yanki wani ɓangare na wurin ajiya su mayar da shi kamar RAM. A waya mai giga 32, in an kunna shi a kan giga 2 ko 3, asara ce babba. Hajiya ki duba ko wayarki tana da shi, in akwai ki rage ko ki kashe, wayar za ta nemi ki sake kunna ta.

Malam Sabo mai gyara: Haka ne Nura, sai dai ba a kowace waya wurin yake dawowa a fili ba bayan an kashe. Na ga wadda ya dawo, na ga wadda lambar ba ta motsa ba. Ta gwada, ba ya ɓata komai. Amma mu je inda naman yake.

Hajiya, buɗe WhatsApp, ki danna ɗigo ukun nan na sama, Settings, Storage and data, sannan Manage storage. A saman shafin za ki ga yawan abin da WhatsApp ya riƙe. Ƙasa akwai "Larger than 5 MB" da "Forwarded many times", ƙasa da su kuma jerin hirarraki da guruf-guruf, mafi nauyi a sama. Faɗa mana na farko-farkon.

Maman Ilham: Innalillahi. Ya ce 11.2 GB. Guruf ɗin danginmu shi kaɗai 3.1 GB, na 'yan makarantarmu 1.8, guruf ɗin dillalan atamfa 2.4, sai wani na wa'azi 1.2. Ni fa rabin bidiyoyin nan ban taɓa buɗe su ba.

Malam Sabo mai gyara: Ba sai kin buɗe ba, da kansu suke sauka in an bar ƙofar a buɗe. Za mu rufe ta daga baya. Yanzu fara da "Forwarded many times", nan ne bidiyoyin da ake ta yawo da su daga guruf zuwa guruf suke, da wuya ki sami abin kanki a ciki. Danna ɗaya ki riƙe, ki zaɓi sauran, ki goge. Daga nan ki shiga guruf ɗin dangi, ki jera su babba a sama. Bidiyon biki guda ɗaya yana iya kai mega 60 ko fiye, ashirin irinsa sun fi giga ɗaya.

Abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau: abin da kika goge a nan ba ya zuwa wani kwando. Kuma bidiyon WhatsApp da kike gani a wurin hotunanki shi ne dai wannan fayil ɗin, ba wani kwafi ba ne. In kin goge a nan, can ma ya tafi. Saboda haka na sunan jariri, na ɗaurin aure, ko muryar wani naki da ya rasu, ki tsallake su. Rubutun hira kuwa ba abin da zai same shi, hoto da bidiyo da murya kaɗai kike cirewa.

Hajiya Bilki: Maman Ilham, ni ma kaya nake sayarwa, laces da mayafai, bari in ƙara miki da abin da ya shafe mu. Guruf ɗin dillalai kada ki share shi da ka. Akwai hotunan rasit da shaidar tura kuɗi a ciki, ranar da rigima ta tashi su za ki nema. Ni abin da nake yi, duk rasit ina sa masa tauraro tun ranar da ya shigo. In na zo gogewa, WhatsApp yana tambaya ko a haɗa da masu tauraro, sai in ce a'a. Hotunan kayan da suka ƙare a kasuwa kuwa, na bara da na sallar da ta wuce, ba amfanin da za su yi miki.

Sannan ki duba abin da ke kika tura. Duk bidiyon atamfa da kika ɗauka da kyamara kika aika wa kwastoma, WhatsApp yana yin nasa kwafin ya ajiye a wata folda mai suna Sent, wadda ba ta fitowa a wurin hotuna. Na asali yana nan, kwafin yana nan.

Nura Injiniya: Gaskiya ne. Ga mai son ganin foldar da idonsa, a wayoyi masu Android 11 zuwa sama tana nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Video/Sent
```

A tsofaffin wayoyi foldar WhatsApp tana fili ne a farkon ma'ajiyar waya. Mai WhatsApp Business kuma zai ga `com.whatsapp.w4b`. In aka goge abin da ke Sent, a cikin hirar za a ga hoton bidiyon dishi-dishi amma ba zai buɗe ba. Wanda aka aika wa yana da nasa.

Tunda an shiga nan, akwai foldar Databases. WhatsApp yana ajiye kwafin hirarraki kullum da misalin ƙarfe 2 na dare, sai ka ga fayiloli da yawa masu suna `msgstore` da kwanan wata a jiki. Ga mai hira da yawa kowanne yana iya kai ɗaruruwan mega. Ni ina goge masu tsohon kwanan wata in bar na ƙarshe.

Malam Sabo mai gyara: Nura, a nan ban bi ka ba. Kai ka san abin da kake kallo. Amma yanzu a foldar nan akwai wasu masu `increment` a sunansu, waɗanda suke dogara da babban fayil ɗin, kuma mutum yana iya share wanda bai kamata ba. Ranar da waya ta lalace aka zo dawo da hira, ranar ake gane an yi ɓarna. WhatsApp ma da kansa yake cire tsofaffin bayan 'yan kwanaki. Mace mai kasuwanci da ta ce hirarrakinta ne jarinta, ba zan aike ta can ba alhali ga giga shida na bidiyon guruf a gabanta.

Nura Injiniya: Na yarda ba nan za ta fara ba. Amma ina nan a kan cewa masu tsohon kwanan wata ba su da haɗari, musamman in ajiyar kwafin hirarraki da WhatsApp yake yi a Google Drive tana aiki. Na sha yi ban ga matsala ba.

Malam Sabo mai gyara: "In tana aiki" ɗin nan ita ce maganar. Mutum nawa ne suka duba? Mu bar shi a haka, kowa da hannunsa.

Abba Kurna: To ni Malam, abin da na sani shi ne Clear data. Ranar da Facebook ɗina ya kai giga ɗaya da rabi, ina dannawa ya koma ƙarami. Ta yi wa duk manhajojinta haka mana, har WhatsApp ɗin.

Malam Sabo mai gyara: Abba, rabin maganarka daidai ne, rabin kuma shi ne yake kawo min mutane shago ido jawur. Maɓalli biyu ne a wuri ɗaya, in ka shiga Settings, Apps, ka zaɓi manhaja, ka danna Storage. Clear cache yana zubar da tarkacen da manhaja ta tara don ta yi saurin buɗewa, kamar hotunan da ka riga ka wuce a Facebook. Wannan ba ya taɓa komai naka. Clear data, wasu wayoyin suna rubuta Clear storage, yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta. A Facebook abin da zai faru bai wuce a nemi ka sake sa kalmar sirri ba, don kayanka suna can wurinsu. A WhatsApp kuwa hirarrakin a cikin wayarka suke zaune. Ka danna, sai rajista daga farko, kuma abin da za ka samu sai abin da ajiya ta riƙe. A manhajar banki za a iya neman lambar da ake turowa layin da aka yi rajista da shi, in layin ya ɓata ka shiga zirga-zirga. A manhajar rubuta bayanai, inda wasu suke ajiye lissafin bashi, yana iya tafiya gaba ɗaya.

Hajiya, Clear cache kaɗai: Facebook, Instagram, Chrome, TikTok. TikTok yana da nasa a ciki mai suna Free up space, amma kada ki taɓa Drafts in kina da bidiyon da ba ki saka ba tukuna. Ki sani kuma wannan wurin aro ne, cikin mako ɗaya ko biyu zai sake taruwa.

Issoufou Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu nan wayoyinmu da Faransanci suke. Wanne ne mai lafiyar, wanne ne mai haɗarin?

Nura Injiniya: Malam Issoufou, mai lafiyar shi ne "Vider le cache". Wanda ka ga kalmar "données" ko "stockage" a jikinsa, kamar "Effacer les données", shi ne mai share komai. Kwandon kuma "Corbeille".

Maman Ilham: Alhamdulillah jama'a. Na zubar da kwandon, na goge na "Forwarded many times" da yawancin na guruf biyu, na yi Clear cache a guda huɗu. Yanzu ya ce 25.9 GB. Saƙon ya ɓace, manhajar banki ta sabuntu, na ɗauki hoto ya zauna. Allah ya saka da alheri. Amma ya zan yi kada ya dawo? Kuma bidiyoyin bikin ƙanwata kusan giga 2 ne, ba zan iya goge su ba.

Malam Sabo mai gyara: Madalla. Yanzu rufe ƙofar. A WhatsApp, Storage and data, ki sauka zuwa Media auto-download. Layi uku ne: "When using mobile data", "When connected on Wi-Fi", "When roaming". Shiga kowanne ki cire alamar Videos da Audio da Documents. Hotuna ma in kin cire ya fi, sai wanda kika taɓa ne zai sauka. Datarki ma za ta ƙara daɗewa. Ki leƙa foldar Download da ta Xender kuma, finafinan da aka tura wa yara da fayilolin `.apk` na manhajojin da an riga an saka suna yawan kwana a can.

Ummi Zariya: Na bikin ki sa su a Google Photos kawai, ai kyauta ne ba iyaka. In sun hau sai ki goge na wayar.

Nura Injiniya: Ummi, da can ne ba iyaka, an daina tun 1 ga Yuni 2021. Yanzu giga 15 ne kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Ajiyar WhatsApp ta Android ma yanzu a cikin giga 15 ɗin ake lissafa ta. In ya cika, saƙon imel yana daina shigowa.

Sai kuma wajen "ki goge na wayar", nan ne ake faɗawa rami. In hoto ya hau, kika danna alamar kwando a cikin Google Photos, zai goge na wayar da na asusun duka biyu. Hanyar da aka tanada ita ce ki danna hoton asusunki a sama, ki tabbata ya rubuta "Backup complete", sannan ki danna "Free up space". Wannan na wayar kaɗai yake cirewa, kuma sai waɗanda suka riga suka hau. Ki sani foldar bidiyon WhatsApp ba ta hawa da kanta sai an kunna mata. Ga giga 2 kuma data ce mai yawa, gara a sami Wi-Fi.

Hajiya Bilki: Ni dai memori na saya na huta. Na sa kyamara tana ajiyewa kai tsaye a can.

Sadiya Gombe: Anti Bilki, ni memorin ne ya cuce ni. Na sayi mai giga 64 a wani shago da araha, na kwashe hotunan haihuwar ɗana na zuba, na goge na wayar. Na farko-farkon suna buɗewa, sauran duk sun zama toka-toka, wasu sun ce fayil ya lalace. Har yau ina ajiye da katin. Malam, akwai dabara?

Malam Sabo mai gyara: Sannu Sadiya, Allah ya mayar da alheri. Alamar da kika faɗa ta jabun kati ce. Ana ɗaukar ƙaramin kati, mai giga 4 ko 8, a sa shi ya riƙa faɗa wa waya cewa shi 64 ne. Yana karɓar kaya har ya cika ainihin cikinsa, abin da ya biyo baya sunansa kaɗai ake rubutawa, ko ya hau kan na baya. Waɗanda suke buɗewa ki kwafe su yau zuwa kwamfuta, kada ki ƙara zuba komai a katin, kada kuma ki yarda in waya ta ce a yi masa Format. Waɗanda suka wuce ainihin girman katin, gaskiya ba na sa rai. Amma ki duba Trash na wayar da kika goge su, ki duba Google Photos ko sun hau ba ki sani ba, ki tambayi 'yan'uwan da kika tura wa a lokacin.

Maman Ilham, ga yadda za ki yi da na bikin. In kin sayi kati, wayar tana iya tambaya ko a yi shi na ɗaukar kaya ko a haɗe shi da cikin waya. Zaɓi na ɗaukar kaya, Portable storage. Wanda aka haɗe da waya ana kulle shi da ita, ba zai karantu a wata ba, in wayar ta mutu ya bi ta. Sannan ki yi Copy, kada ki yi Move. Ki buɗe bidiyoyin daga kan katin, ki ja kowanne har ƙarshe ki ga yana tafiya. Ki ba ƙanwar taki ko wani mai kwamfuta kwafi na biyu. Bayan nan ne za ki goge na wayar. Sabon kati kuma a gwada shi tun a shago ko a kwamfuta: a cika shi da manyan bidiyoyi har kusan bakinsa, a buɗe na farko da na ƙarshe.

Sadiya Gombe: Wayar da na goge su a kai na sayar da ita tun bara. Google Photos ɗin ne ban taɓa dubawa ba, imel ɗin ma yayana ne ya buɗe min, sai na tambaye shi kalmar sirrin.

Baba Alhaji Idi: Allah ya sa a dace, 'yata. Nura, in kun gama da ita ina jiran maganar nauyin tawa.

Nura Injiniya: Amin Baba. Shiga Settings, About phone, ka turo min hoton abin da ya rubuta. Sadiya, in kin samu shiga, ki fara da photos.google.com a Chrome kafin ki saka asusun a sabuwar wayar, ki gaya mana abin da kika tarar.